Yadda Ake Kafa Teburin Kofi Mai Sallamar Kofi 60 a Awa Ɗaya da Tukunya da Filas

Wanda ya saba haɗa kofi ɗaya ko biyu a gida yakan ɗauka cewa teburin sayar da kofi wannan aikin ne aka ninka, sai ranar da mutum 15 suka tsaya masa a kai da sanyin safiya, kowa yana son a sallame shi kafin motarsa ta cika. Na yi wannan sana'a a bakin wata tasha a cikin garin Katsina, kuma abin da na fahimta shi ne ba ƙarancin kofi ke kayar da sabon shiga ba, lokaci ne: ko dai ruwa bai tafasa ba alhali layi ya yi tsawo, ko kuma an dafa da yawa tun asuba har ya tsufa a kan wuta ya koma ɗaci. Saboda haka zan bi misali guda ɗaya daga farko har ƙarshe, wato tebur da ke sallamar kofi 60 a awa a lokacin cunkoso, da garin kofi na ainihi wanda ake jiƙawa a tace. Kofin gwangwani irin na Neskafe, wanda ke narkewa cikin ruwa, ba ya bukatar yawancin abin da zan faɗa, kuma yana da kyau a ajiye gwangwani ɗaya don masu sonsa.

Fara da girman kofi da girman filas

Kafin ka sayi tukunya, ka tsayar da kofin da za ka riƙa sayarwa da shi, domin duk lissafin daga nan yake tashi. Ka cika shi da ruwa zuwa inda za ka riƙa tsayawa, ka juye a abin awo. A misalinmu kofin yana ɗaukar mililita 150, kenan kofi 60 lita 9 ne a kowace awa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce tunda ana bukatar lita 9 a awa, kuma cunkoson safe awa biyu ne, bari a dafa lita 18 gaba ɗaya a huta. Kofi ba ya jure wannan. Idan ya zauna a kan wuta, sinadaran da ke cikinsa suna ci gaba da narkewa suna sauyawa, ƙamshin yana bin tururi, abin da ya rage sai ɗaci da tsami mai kama harshe. Ko a cikin filas mai kyau, inda ba wuta a ƙarƙashinsa, bayan awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi mai ɗanɗano zai ji ya fara tsufa. Don haka ake yin dahuwa ƙanana a jere, kowace daidai da abin da filas za su ɗauke, ba ragowa a tukunya.

Ga yadda lissafin yake. Ma'aunin da masu sana'ar kofi suka saba da shi shi ne giram 55 zuwa 60 na gari ga kowace lita ta ruwa, kuma ni na fi son 60 domin yawancin masu saye a nan suna ƙara sukari da madara, waɗanda ke danne kofi mai rauni. Garin kofi yana shanye ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa, kuma wannan ruwan ba ya dawowa. Idan ka zuba lita 7 a kan giram 420, garin zai riƙe wajen mililita 840, ka tashi da lita 6 da 'yan kai, wanda zai cika filas biyu masu lita 3 kowanne, wato kofi 40. Mai sallamar kofi 60 a awa zai shanye wannan cikin minti 40, saboda haka dahuwa ɗaya kowane minti 40 ita ce bugun zuciyar teburin, kuma ba wani kofi da zai kai awa ɗaya a filas kafin a sha shi.

Kayan aiki, da wanda ya fi muhimmanci a cikinsu

Ana bukatar tukwane biyu masu aiki daban. Babbar, mai lita 20 zuwa 25, ta ruwan zafi ce kawai, ba ta sauka daga wuta kuma kofi ba ya shiga cikinta. Ƙaramar, mai lita 10, ita ce ta jiƙo, kuma ba ta hawa wuta sam. Kowace ta kasance da murfin da ya zauna daidai, kuma kada ka ari tukunyar da aka taɓa yin miya a ciki, domin kofi yana ɗaukar warin man ja da daddawa ko an wanke ta sau nawa. Sai filas shida: huɗu na kofi, biyu suna kan tebur biyu suna jiran dahuwa ta gaba, ɗaya na madara, ɗaya na ruwan citta. Sai sikelin kicin mai nuna giram, da moɗa mai mariƙi wadda ke ɗaukar lita ɗaya, da rariyar ƙarfe mai faɗi, da farin yadin alawayyo guda uku ko huɗu na tata, da dogon ludayi, da agogo. Agogon waya ya wadatar, amma ni ƙaramin agogon bango na rataya, saboda hannu a jiƙe yake kullum.

Filas ka gwada shi tun a shago ko ranar da ka kawo shi. Ka cika shi da tafasasshen ruwa, ka rufe, bayan minti goma ka dafa jikinsa ta waje. Idan ka ji ɗumi a gangar jikin, to zafi yana fita ne, kuma wannan filas ba zai riƙe maka kofi ba. Mai cikin gilashi yana riƙe zafi da kyau amma faɗuwa ɗaya ke kashe shi, mai cikin ƙarfe kuwa ya fi jure hayaniyar tasha. Irin wanda ake danna kansa kofi ya fito ya fi sauri a lokacin cunkoso, kuma ba a buɗe shi balle zafi ya tsere, sai dai bututunsa daga ƙasa yake ja, don haka duk wani laka da ya kwanta shi zai fara fitowa.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne wuta. Kowane minti 40 kana ɗibar lita 7 daga babbar tukunya kana mayar da lita 7 na ruwan sanyi, kuma dole ta sake tafasa kafin lokaci ya zagayo. Ka gwada murhunka tun a gida: ka ɗora lita 7 na ruwan sanyi a rufe, ka duba agogo. Idan ya tafasa cikin minti 15 zuwa 20, murhun zai iya aikin. Idan ya haura minti 30, kamar yadda ƙaramin kan gas na girkin gida yake yi, to ka nemi babban kai irin na masu abincin sayarwa, in ba haka ba kullum kana bayan layi. A lissafi, tafasa lita 7 yana cin gas wajen giram 100 idan rabin zafin ne ke shiga tukunya, amma iskar hunturu tana iya kwashe fiye da haka, shi ya sa nake kewaye murhu da langa-langa ta ɓangarori uku, in bar silinda a waje da kewayen, nesa da zafi. Gawayi a kurfoti yana yi, kuma ya fi sauƙin samu, amma ba ya tashi da sauri lokacin da kake bukata, don haka mai amfani da gawayi ya riƙa hura shi kafin ya zuba ruwan sanyi, ba bayan ya zuba ba.

Wurin zama ba shi da dogon bayani. Ka nemi inda mutane ke tsayawa jira da sassafe ko bayan magariba, kamar bakin tasha, ƙofar kasuwa ko kusa da masallaci, ka yi magana da shugabannin wurin ko mai unguwa kafin ka kafa ko da benci, ka kuma juya teburin ta yadda ƙura ba za ta riƙa bugo kofuna ba. Ruwa kuwa ka ɗanɗana shi tukuna, domin kusan duk abin da ke cikin kofi ruwa ne. Na wasu rijiyoyin burtsatse yana da gishiri-gishiri ko yana barin farin ɓawo a gindin tukunya, kuma irin wannan yana kashe ɗanɗano. Idan ka sami mai ga-ruwa da ke kawo mai daɗi, ka riƙe shi, kada ka riƙa sauyawa.

Gari da niƙa

Kofi iri biyu ne a kasuwa. Arabika, wanda ake nomawa a wurare masu tsayi da sanyi irin tsaunin Mambila a jihar Taraba, ya fi ƙamshi da laushi. Robusta ya fi ɗaci da arha, kuma sinadarin da ke hana barci a cikinsa ya kusa ninka na arabika. Ga tebur irin namu, inda ake sha da madara da sukari, gaurayen biyun yana tafiya daidai.

Niƙa ita ce inda aka fi yin ɓarna. Kofin da za a jiƙa a tace yana son niƙa mai tsakuwa-tsakuwa, kamar tsakin masara ƙanana, ba laushin garin tuwo ba. Gari mai laushi yana toshe yadin tata, yana wucewa ya kwanta a filas, kuma yana ci gaba da sakin ɗaci a can. Akwai ranar da na kai soyayyen kofi kilo biyu injin unguwa, ban tambayi abin da aka niƙa kafin ni ba, ashe yaji ne. Washegari wani dattijo direba da ke fara saye a wurina ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Yaro, yau kofin naka ko na masu jego ne?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, a kawo in sauya." Ba abin da zan sauya da shi, domin duk garin ya ɗauka, haka na zubar da kilo biyu. Tun daga ranar na sayi ƙaramin injin hannu wanda ba ya niƙa komai sai kofi. Ina niƙa na gobe da daddare, in auna giram 420 a leda-leda in ɗaure, domin da asuba ba lokacin sikeli ba ne. Kada ka niƙa na mako guda, saboda niƙaƙƙen kofi yana rasa ƙamshi cikin 'yan kwanaki, ƙwayar kuwa tana yin makonni idan tana cikin mazubi mai murfi, nesa da rana.

Dahuwa ɗaya, daki-daki

Da ruwa ya tafasa a babbar tukunya, abu na farko shi ne ɗumama filas biyun da za a cika. Ka zuba wa kowanne moɗa ɗaya na ruwan zafi, ka rufe, ka bar su har ka gama jiƙo. Filas mai sanyi yana sace zafin kofi tun a minti na farko, kuma a watan Disamba da Janairu bambancin a fili yake. Wannan ruwan ba asara ba ne, shi za ka juye a bahon wanke kofuna.

Daga nan ka juye leda ɗaya ta gari a tukunyar jiƙo, ka ɗebo ruwa da moɗa sau bakwai kana zubawa a kai. Kada ka taɓa ɗaga babbar tukunya don ka tuttula, domin lita 20 na tafasasshen ruwa ba abin wasa ba ne a wurin da yara da almajirai ke gilmawa. Ɗiba da moɗa yana da wani amfanin kuma: kofi yana son ruwa mai zafin digiri 92 zuwa 96, wato ƙasa kaɗan da tafasa, kuma tafiyar ruwan daga wannan tukunya zuwa waccan tana rage masa daidai abin da ake so ba tare da ma'aunin zafi ba. Ka juya da ludayi har sai ba sauran busasshen gari, ka rufe, ka duba agogo, sannan nan take ka mayar da lita 7 na ruwan sanyi cikin babbar tukunya. Wannan mayarwar ita ce abin da sabon yaro ya fi mantawa, kuma ba a gane an manta sai bayan minti 40, lokacin da ba abin da za a iya yi.

Bayan minti huɗu ka buɗe. Za ka tarar gari ya taso ya yi ɓawo a sama, da kumfa mai ruwan ƙasa idan kofin sabo ne. Idan ba kumfa ko kaɗan, garin ya tsufa. Ka fasa ɓawon da bayan ludayi a hankali, ka sake rufewa, ka ba shi minti biyu zuwa uku ya kwanta. Kada ka ƙara juyawa bayan wannan.

Tata ita ce ke bukatar natsuwa. Ka jiƙa yadin da ruwan zafi ka shimfiɗa shi cikin rariya, ka zubar da ruwan ɗumamar filas, ka riƙa ɗibar kofin daga sama da moɗa kana bi ta yadin zuwa cikin filas, ta mazurari idan bakin ƙarami ne. Idan ka iso ƙasa inda laka take, ka karkata tukunyar ka tsiyaye abin da ya fito da kansa, ka tsaya. Akwai jarabar a tattara yadin a matse don a sami ƙarin kofi biyu, amma abin da matsa ke fitarwa shi ne mafi ɗaci da duhu, kuma zai ɓata sauran 40 ɗin. Ka cika filas har wuya, domin wanda yake rabi ya fi saurin hucewa, ka rufe, ka rubuta lokacin a jikinsa da alli ko a ɗan tef. Duk aikin daga ɗumama filas zuwa rufewa yana cin minti 12 zuwa 15, saboda haka sabuwar dahuwa tana farawa ne da zarar an buɗe filas na biyu na wadda ta gabata, ba sai ya ƙare ba.

Citta da kanumfari, waɗanda mutanenmu ke so a gahawa, ba na zuba su cikin jiƙon, saboda suna bukatar tafasa mai tsawo wadda kofi ba ya so, kuma ba kowa ke sha ba. Ina tafasa dakakkiyar busasshiyar citta da 'yan ƙwayoyin kanumfari daban na minti goma, in tace a nasu filas, mai so a ɗiga masa. Madara ma haka: ta gari ce, ina dama ta da ruwan da ya tafasa, wajen giram 130 a lita, kaɗan-kaɗan yadda za ta ƙare cikin awa biyu. Madarar da ta huce ta zama ɗumi-ɗumi ita ce abu mafi haɗari a teburin, domin a irin wannan zafin ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa, don haka wadda ta sauka ƙasa da digiri 60 ko ta wuce lokacinta zubarwa ake yi, ba a ƙara sabuwa a kanta. Sukari kuma a kofin mai saye ake sa shi, ba a filas ba, ko don masu ciwon sukari da ke zuwa suna cewa a ba su baƙi.

Lokacin cunkoso

Kofi 60 a awa yana nufin ɗaya kowane minti, kuma mutum ɗaya ba zai iya zubawa, ya karɓi kuɗi, ya ba da canji, sannan ya lura da agogon jiƙo ba. Mutum biyu ake bukata, ɗaya a gaba yana sallama, ɗaya a baya yana kula da wuta, jiƙo da wanki. Na gaban ya jera kofuna goma da sukarinsu a ciki tun kafin a sallame sallar asuba. Idan kofunan gilashi ko na tangaran ne, 30 sun isa muddin ana wankewa a kai a kai cikin baho biyu, na sabulu da na ɗauraya da ruwan zafi, ana sauya ruwan da zarar ya yi duhu. Duba-gari idan sun zo, wannan bahon suke fara leƙawa.

Idan cunkoso ya lafa, ka rage dahuwa zuwa rabi, lita 3 da rabi a kan giram 210, wanda zai cika filas ɗaya. Ma'aunin bai sauya ba, yawan ne kawai ya ragu.

Harshenka shi ne ma'aunin ƙarshe, don haka ka kurɓi kowace dahuwa ba sukari kafin ta hau tebur. Idan ka ji ta salam da ɗan tsami, ko ruwan bai yi zafi ba, ko niƙar ta yi girma, ko an yi gaggawar tacewa. Idan ɗaci ne mai busar da baki, an bar shi ya daɗe, ko garin ya yi laushi, ko an matse yadi. Idan kuwa wani wari ne kamar na tsohon mai, ba laifin garin ba ne, man kofi ne ya taru a yadin tata ko a murfin filas ya lalace. Ka gyara abu ɗaya a lokaci guda, domin idan ka sauya niƙa da lokaci tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Farashi daga wannan lissafin yake fitowa. Kilo ɗaya na gari yana ba da kofi kusan 95, saboda haka ka raba kuɗin kilo da 95, ka ƙara kuɗin sukari da madarar kofi ɗaya, sannan ka raba kuɗin gas, ruwa da ladan yaro na yini da yawan kofunan da ka sayar a zahiri, ba waɗanda ka dafa ba. Ina ajiye ƙaramin littafi inda nake rubuta lokacin kowace dahuwa da abin da ya rage aka zubar, kuma cikin mako biyu littafin ya nuna mini cewa dahuwar ƙarfe tara ta safe rabi ya kamata ta zama, ranar Juma'a kuma a ƙara ɗaya. Da zafin Afrilu ya shigo cinikin safe yakan ragu sosai, da azumi kuwa gaba ɗaya yakan koma bayan tarawihi, sai a sake jera lokutan daga farko.

Idan an tashi, a wanke filas da ruwan zafi da burushi mai dogon hannu, a cire robar murfi da bututun a wanke su daban, a bar su a buɗe su bushe. Sau ɗaya a mako a jiƙa cikinsu da cokali biyu na bekin soda cikin ruwan zafi na rabin awa, a ɗauraye sosai. Filas mai cikin gilashi kada a zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, domin yana iya tsagewa. Yadin tata ba a sa masa sabulu mai ƙamshi, sai dai a ɗauraye shi, a tafasa shi minti biyar cikin ruwa zalla, a shanya inda ƙura ba ta kai, kuma ranar da ka shinshina shi a bushe ka ji warin mai bai fita ba, ka yanko sabo.